Babi na Bakwai: Taron Waiwaye, Inda Ake Neman Dalili Ba Mai Laifi Ba

A tsarin Scrum, ayarin masu haɗa manhaja yana raba aikinsa zango-zango. Kowane zango, wanda masu sana'ar ke kira sifirint, ba ya wuce wata guda, kuma ayarori da yawa mako biyu suke ɗauka. Abu na ƙarshe da ake yi kafin a rufe zango shi ne taron waiwaye. A wannan zama ba manhajar ake dubawa ba, domin an riga an nuna ta ga masu ita a wani taro dabam. Abin da ake dubawa shi ne yadda aka yi aikin: ina ya tafi daidai, ina ya cije, me za a sauya kafin a shiga zango na gaba. Littafin jagoran Scrum na Ken Schwaber da Jeff Sutherland, a bugun 2020, ya ƙayyade cewa zaman kada ya wuce awa uku idan zangon na wata guda ne. Ga zangon mako biyu, awa ɗaya da rabi yakan isa.

Taron yakan lalace ta hanya biyu. Ko dai ya zama zaman gaisuwa, kowa ya ce alhamdulillahi komai lafiya, a tashi, matsala tana nan daram. Ko kuma ya zama kotu, a samu mutum guda a ɗora masa jakar tsaba, a tashi, matsalar dai tana nan. Tushen lalacewar biyu ɗaya ne. Mutanen da suka taɓa ganin an tozarta wani a taro su ne suke yin gum a taro na gaba.

Abin da zargi ke ɓoyewa

A 1996, Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta wallafa wani bincike kan kurakuran ba da magani a asibiti. Ta yi zaton ayarin ma'aikatan jinya da suka fi jituwa da kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure, sai alƙaluma suka nuna su ne aka fi rubuta wa kurakurai. Da aka bi diddigi, sai ta bayyana cewa su ne suka fi sakin jiki su faɗi kuskure idan ya auku. A ɗakunan da ake tsoron shugaba, kuskuren yana faruwa, amma ba ya isa takarda. Darasin ga mai jagorantar waiwaye a fili yake: shirun ayari ba shaida ba ce cewa babu matsala.

Akwai dalili na biyu. Masanin halayyar ɗan Adam Baruch Fischhoff ya nuna a 1975 cewa da zarar mutum ya san yadda abu ya ƙare, sai ya riƙa ganin kamar tun farko a bayyane yake cewa haka zai ƙare. Shi ya sa bayan ɓarna kowa ke cewa, “Ai da ka duba da ka gani.” Wanda ya yi aikin kuwa, a lokacin da yake yi, bai san ƙarshen labarin ba. Yana da bayanin da aka ba shi, da lokacin da ya rage masa, da kayan aikin da ke gabansa, kuma da waɗannan ya yanke shawarar da ta yi masa kama da daidai. Saboda haka ne Norman Kerth, a littafinsa na 2001 kan waiwayen ayyuka, ya ba da shawarar a buɗe zama da amincewa cewa kowa ya yi iya ƙoƙarinsa gwargwadon abin da ya sani da halin da yake ciki. Ba a cewa kowa gwani ne. Ana ɗaukar wannan matsaya ce domin ita ke tilasta a tambayi abin da ya sa kuskuren ya yi kama da daidai.

Ga misali daga babban kamfani. Ranar 28 ga Fabrairu, 2017, ma'ajiyar bayanai ta S3 ta kamfanin Amazon ta tsaya na sa'o'i a yankinta na arewacin Virginia, shafuka masu yawa suka tsaya tare da ita. Sanadin shi ne wani ma'aikaci ya shigar da umarni da kuskure, ya cire na'urori fiye da yadda aka yi niyya. Bayanin da kamfanin ya fitar bai ambaci sunansa ba. Abin da ya bayyana shi ne cewa kayan aikin ya ba da damar cire na'urori da yawa cikin sauri, don haka aka gyara shi ya riƙa cirewa a hankali, ya kuma ƙi sauka ƙasa da adadin da tsarin ke buƙata. Da korar ma'aikacin kawai aka yi, da wanda ya gaje shi ya tarar da tarkon a inda yake.

Ayarin da za mu bi

Mu ƙaddara wani ayari na mutum bakwai da ke haɗa manhajar biyan kuɗin makaranta: masu rubuta manhaja huɗu, ɗaya daga cikinsu shi ne babba, mai gwaji ɗaya, mai tsara buƙatu ɗaya, da jagorar tsari wadda ita ke tafiyar da taron. Sun ɗauki ayyuka 10 a zangon mako biyu, sun gama 6. Ɗaya daga cikin waɗanda suka gama ya jawo abin kunya. An nemi a sa rangwamen kashi 10 cikin ɗari ga ɗa na biyu a gida ɗaya. Kuɗin zangon karatu naira 60,000 ne, don haka ya kamata uba ya biya 54,000. Amma ga iyayen da ke biya kashi biyu, manhajar ta cire 6,000 daga kowane kashi, takardar biya ta nuna 24,000 sau biyu, jimla 48,000. Ma'ajin makarantar ya bugo waya a fusace. Wanda ya rubuta wannan sashe sabon ma'aikaci ne, kuma kowa ya san shi ne.

Esther Derby da Diana Larsen, a littafinsu na 2006, sun raba taron waiwaye gida biyar: share fage, tattara bayanai, fahimtar dalilai, yanke abin yi, da rufewa. Jagorar ta raba minti 90 ɗinta a kan wannan tsari: 10, 25, 30, 15 da 10. Jerin yana da hikima, domin ayarin da ya tsallake tattara bayanai ya faɗa kai tsaye cikin neman dalili, abin da ke ransa tun kafin ya shigo shi zai faɗa, kuma a nan abin da ke ran kowa sunan sabon ma'aikaci ne.

Share fage: a auna tsoro tukuna

Jagorar ta fara da karanta abin da aka yanke a waiwayen baya da abin da aka yi a kansa. Sannan ta raba ƙananan takardu iri ɗaya, ta ce kowa ya rubuta lamba daga 1 zuwa 5 ba tare da suna ba. Biyar na nufin zan iya faɗin komai a wannan ɗaki, ɗaya na nufin zan yi murmushi in yi shiru. Ita ba ta jefa ba. Ta tattara shidan, ta cakuɗa, ta rubuta sakamakon a allo: 5, 4, 4, 3, 3, 2, sannan ta yayyaga takardun a gabansu.

Lamba 2 ɗin ita ce abin lura, ba matsakaicin lambobin ba. Ba a tambayar wa ya rubuta ta. Ana sauya salon zaman ne domin mai ita: a yawaita rubutu, a rage kiran mutum ya yi magana a gaban jama'a. Da a ce rabin takardun 1 da 2 ne, da ya kamata a ajiye batun rangwamen, a ba da zaman ga tambaya guda, wato me ke hana mu magana, ita ma a amsa ta a rubuce.

Ta kuma faɗi ƙa'idoji biyu. Abin da zai fita daga ɗakin shi ne matakan da aka amince da su, ba wa ya ce me ba. Kuma babu abin da aka faɗa a nan da zai shiga takardar auna ƙwazon ma'aikaci. Wannan ne ya sa manajan da ke yanke albashi da ƙarin girma ba ya cikin zaman. Ko da mutumin kirki ne, zamansa kaɗai ya isa ya sa kowa ya tauna magana kafin ya furta.

Tattara bayanai: layin kwanaki

Jagorar ta ja dogon layi a allo, ta raba shi kwanakin aiki goma. Ta ba kowa minti bakwai ya rubuta, shi kaɗai kuma shiru, abubuwan da suka faru, abu ɗaya a kowace takarda, tare da ranarsa. Rubutun shiru yana da muhimmanci musamman a wurinmu, inda ƙarami ke jin nauyin yin magana kafin babba, kuma in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, kara ba ta barin a saɓa masa. Idan kowa ya rubuta kafin kowa ya buɗe baki, abin da ƙarami ya gani ya riga ya hau allo.

Sharaɗin takarda shi ne ta ɗauki abin da ya faru, wanda za a iya tabbatarwa, ba hukunci ba. Wata takarda ta zo da cewa, “An yi sakaci wajen gwaji.” Jagorar ba ta jefar da ita ba, kuma ba ta nemi mai ita ba. Ta tambayi ɗakin gaba ɗaya, “Me aka gani da ido wanda ya sa aka rubuta wannan?” Amsar da ta fito ita ce ayyuka shida sun iso wurin gwaji a rana ɗaya. Wannan aka rubuta a madadinta.

Da aka jera takardun, ga labarin da ya fito. Ranar Litinin ta farko aka ɗauki aikin rangwamen, bayaninsa layi ɗaya ne, bai ambaci masu biya kashi-kashi ba. Ranar Laraba aka gama rubutawa, aka miƙa domin bita. Ya zauna yana jira har Talatar mako na biyu, saboda babban mai rubuta manhaja ne kaɗai ke da ikon amincewa, shi kuma an janye shi zuwa wani aikin gaggawa da ya zo daga sama. Ranar Talatar ya duba ayyuka shida a zama ɗaya, duka suka faɗa kan mai gwaji lokaci guda. A cikin ɗaliban bogi da ake gwaji da su, babu ko ɗaya mai biya kashi biyu. Laraba da yamma aka saki manhajar, domin an yi wa makarantar alkawarin za ta gani ranar Alhamis. Alhamis ma'aji ya kira, aka janye sabon sashen, gyara ya cinye har Juma'a.

Ka lura cewa ba a ɓoye wanda ya yi me ba. Kowa ya san wa ya rubuta, wa ya duba, wa ya gwada. Taron da ba ya zargi ba taron da ake kewaye-kewaye ba ne. Bambancin shi ne mutum yana shigowa labarin a matsayin shaida, wanda ya fi kowa sanin abin da ya faru a wurinsa.

Fahimtar dalilai: yadda ake tambaya

Jagorar ta ba kowa ƙuri'a uku ya ɗiga a kan takardun da yake ganin sun fi cancantar tattaunawa. Biyu suka yi fice: kuskuren rangwame da jiran bita. A nan ne aka kusa zamewa. Babban mai rubuta manhaja ya juya ga sabon ma'aikacin ya ce, “Amma kai ma, me ya sa ba ka tambaya ba?”

Jagorar ta shiga tsakani ba tare da ta kunyata shi ba. Ta ce, “Malam, bari in juya tambayar kaɗan.” Sannan ta dubi saurayin ta ce, “Ranar Litinin da ka buɗe aikin, me ke gabanka? Ka kai mu can.”

Ya ce, “Layi ɗaya na gani, Hajiya. Na duba ɗaliban gwaji, kowa biya ɗaya yake yi. Ban san akwai masu biya kashi biyu ba sai ranar Alhamis.”

Tambayoyin biyu sun yi kama, amma ba abu ɗaya suke nema ba. Ta farko tana tambaya kan abin da bai faru ba, kuma amsarta ba ta wuce kare kai ko ba da haƙuri. Ta biyu tana tambaya kan abin da ya faru, kuma ta fito da sabon bayani: mutum ba ya tambaya kan abin da bai san da wanzuwarsa ba. Haka aka bi kowa. Mai tsara buƙatu ta ce a wurinta biya kashi-kashi sanannen abu ne, shi ya sa ba ta rubuta ba. Mai gwaji ya ce an haɗa ɗaliban bogin ne tun kafin a ƙara tsarin biya kashi-kashi, kuma ba a sabunta su ba. Babban da kansa ya ce, “Gaskiya shida na duba cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Na duba ko rubutun yana da tsabta, ban duba lissafin ba.” Wannan magana ba ta fitowa daga bakin babba a ɗakin da ake farautar mai laifi.

Akwai gwaji mai sauƙi da jagora zai riƙa yi a ransa: da wani ma'aikacin mai irin wannan ƙwarewa aka sa a wannan kujera, da wannan bayani da wannan lokaci, shin zai iya yin kuskuren? Idan amsar e ce, gyaran yana ga tsari. Mutane da yawa suna amfani da dabarar kamfanin Toyota ta maimaita “me ya sa” sau biyar. Tana da amfani, amma tana da haɗari biyu: takan bi sawu ɗaya alhali dalilan suna da yawa, kuma takan tsaya da zarar ta iso kan mutum. Idan sarƙar tambayoyinku ta ƙare a “saboda wane bai kula ba”, ba ku iso ƙarshe ba. A wannan misali, shinge huɗu kuskuren ya tsallake: bayanin aiki, bita, gwaji da ranar saki. Mutum ɗaya ba ya rushe shinge huɗu.

Sai kuma babban abin da zaman ya tono, wanda ba wanda ya shigo da shi a ransa. Da aka duba ayyuka huɗun da ba a gama ba, uku daga cikinsu an rubuta su, suna layin bita ne zango ya ƙare. Ashe abin da ya haifi kuskuren rangwame shi ne ya hana gama aiki: ƙofa ɗaya, mabuɗinta a hannun mutum ɗaya, shi kuma ana janye shi duk lokacin da gaggawa ta taso. Da zaman ya tsaya kan sabon ma'aikaci, da ba a ga wannan ba.

Yanke abin yi da rufewa

Ayari ya kawo shawarwari da dama, jagorar ta ce a ɗauki biyu kacal. Dogon jerin alkawura shi ne hanya mafi sauri ta rashin cika ko ɗaya. Ta kuma ƙi karɓar “mu riƙa kula” da “mu inganta sadarwa”, domin ba a iya gane ranar da aka cika su. Matakin kirki yana da mai shi, yana da rana, kuma ana iya ganin ko an yi.

Na farko: a ba wasu mutum biyu ikon amincewa da aiki kafin Laraba, kuma duk aikin da ya kwana fiye da ɗaya yana jiran bita a ambace shi a taron safe. Babban ne ya ɗauki wannan, kuma a waiwaye na gaba za a duba kwana nawa kowane aiki ya jira. Na biyu: mai gwaji da sabon ma'aikacin su zauna da mai tsara buƙatu su lissafa duk hanyoyin biya, su sa ɗalibi ɗaya na kowace hanya cikin bayanan gwaji. An shigar da matakan biyu cikin jerin ayyukan zango na gaba, aka rage wani aikin domin a ba su wuri. A nan ne ɗaukar alhaki yake: wanda kuskuren ya bi ta hannunsa ya ba da cikakken labari, sannan ya sa hannu a gyara.

Janye babban zuwa aikin gaggawa ba ya hannun ayarin. Jagorar ta ɗauki nauyin kai wa manaja, ba da ƙorafi ba, da alƙaluma: kwanakin jira, ayyuka uku da suka maƙale, kwana biyu da gyara ya ci. A minti goman ƙarshe ta karanta matakan da masu su, ta ba da dama a gode wa juna kan taimako takamaimai, ta kuma tambayi abin da za a gyara a salon taron kansa.

Iyakar wannan hanya

Ba kowace matsala ce ta tsari ba. Idan ma'aikaci yana ƙetare ƙa'ida da gangan, ko yana wulaƙanta abokan aiki, ko an gyara masa hanya sau da yawa bai sauya ba, wannan magana ce ta shi da shugabansa a keɓe, kuma kada a jira ƙarshen zango. Kawo ta taron waiwaye yana ɓata taron, barin ta kuma da sunan rashin zargi zalunci ne ga sauran.

Akwai alamomin da za ka gane cewa taronku ya fara mutuwa. Takardu iri ɗaya suna dawowa zango bayan zango. Ƙorafi duka kan abubuwan nesa ne, kamar wuta da intanet da wani ayarin, babu wanda ya shafi cikin gida. Mutum biyu ne ke magana. Ana tashi, sai ainihin tattaunawar ta ɓarke a bakin ƙofa. Kuma mafi muni, ba a taɓa jin wani ya ce, “Ga inda abin ya kuɓuce mini.” Idan ka ga waɗannan, sauya wasannin buɗe taro ba zai yi magani ba. Koma ga ƙuri'ar tsoro, ka kuma tabbatar an cika mataki ɗaya da aka yi alkawari, domin mutane suna daina magana ne idan sun ga tana da haɗari ko ba ta da amfani.

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma ayari ba ya yarda da haka don an faɗa masa. Yana yarda ne ranar da ya ga wani ya faɗi kuskurensa, aka saurare shi, aka gyara tsarin, kuma babu abin da ya same shi. Don haka, kai da za ka jagoranci waiwaye na gaba, ka auna tsoro kafin ka nemi gaskiya, ka jera abin da ya faru kafin ka nemi dalili, kada kuma ka bari a tashi sai an fita da mataki ɗaya ko biyu, kowanne da mai shi da ranar cikawa.